Wayata Ta Koma Wani Rubutun da Ban Iya Karantawa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Nemo Saitin Harshe a Android

Ina gyaran waya a Nima, nan Accra, kuma da wuya mako ya wuce ba a kawo mini wayar da lafiyarta ƙalau ba, sai dai duk rubutun cikinta ya koma na Sin, ko na Koriya, ko na Japan. Wasu an sayo su ne a Tip Toe Lane da ke Circle cikin wayoyin da aka riga aka yi amfani da su a waje, wasu tsaraba ce daga 'yan'uwa, wasu kuwa yaro ne ya yi wasa da su. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini a bakin tebur, na amsa su yadda nake amsawa a can.

Wayar ta lalace ne? Ko wani ne ya shiga cikinta?

A'a. Harshen da waya ke nunawa saiti ɗaya ne cikin saituttukanta, kamar ƙarar ƙararrawa ko hasken fuska. Hotunanka, lambobinka da saƙonninka suna nan yadda ka bar su. Kuɗin MoMo ma babu abin da ya taɓa su. Ka buga *170# a layin MTN, za ka ga jerin ya fito da Turanci kamar kullum, domin wannan rubutun daga kamfanin layi yake zuwa, ba daga wayar ba. Nakan fara da wannan gwajin idan na ga hankalin mutum ya tashi, saboda mai hankali a tashe shi ne ke danna abin da bai kamata ba.

Ta ina zan fara alhali ko harafi ɗaya ban gane ba?

Ka daina ƙoƙarin karantawa, ka koma kallon hotuna. Idan harshe ya canza, rubutu ne kawai ke canzawa, ƙananan alamomin da ke gefen rubutun suna nan yadda suke.

Alamar farko da za ka nema ita ce ta Settings: da'ira mai haƙora a kewaye, kamar farantin da sarƙar keke ke hawa. Ba sai ka yi ta laluben ta cikin tarin manhajoji ba. Ka sa yatsa a can saman fuskar wayar ka ja ƙasa, idan ba ka gan ta ba ka sake ja karo na biyu. Tana fitowa ƙarama a kusurwa, sama ko ƙasa, gwargwadon irin wayar. Ka danna ta.

Daga nan ka gangara can ƙasan jerin. A kusan duk wayoyin Android, saitin harshe ba ya zama a sama inda Wi-Fi da Bluetooth suke. Yana ɓoye ne cikin wani ɗaki kusa da ƙarshen jerin, kuma sunan ɗakin da alamarsa sun danganta ga kamfanin da ya ƙera wayar. Sunan kamfanin kuwa da haruffan boko yake, a bayan wayar ko lokacin da take kunnuwa, don haka wannan kam kowa zai iya sani.

Wani ya ce in ƙirga layi, in danna na uku daga ƙasa. Haka ne?

Ba na son wannan shawarar, kuma ina roƙon a daina ba da ita. Jerin Settings ba ɗaya ba ne ko a wayoyin kamfani guda. Sabunta waya kan ƙara layi ko ya rage. Wayar da aka buɗe wa Developer options tana iya samun ƙarin layi a ƙasa. Wadda aka yi don wani kamfanin layi na Japan ko Koriya takan zo da layukan da tamu ta nan ba ta da su. Wanda ya ƙirga a tasa wayar ya faɗi gaskiyar tasa ce kawai. Alama da siffar kalma sun fi ƙirge aminci.

To wace kalma zan nema, tunda ba zan iya karanta ta ba?

Ba karantawa za ka yi ba, kamanni za ka gwada, yadda mai sayen atamfa a Makola ke riƙe ƙyalle yana neman irin zanensa. Kalma ɗaya ce tak kake bukata, wato "harshe". Ga yadda take a rubutun da suka fi zuwa mana:

Sinanci: 语言 (a wayoyin Hong Kong da Taiwan: 語言)
Japananci: 言語
Koriyanci: 언어
Rashanci: Язык
Larabci: اللغة

Duba na Sin da na Japan da kyau. Akwai harafi guda da ke cikinsu duka, wato 言. Siffarsa ba ta da wuyar riƙewa: 'yan layuka a kwance, ɗaya bisa ɗaya, an ɗora su kan ƙaramin akwati. A Sinanci shi ne na biyu, a Japananci shi ne na farko. Duk inda ka ga wannan akwatin mai layuka a kai cikin Settings, ka kusa gida. Na Koriya kuwa gungu biyu ne gajeru, kowanne ya fara da ƙaramin zobe a hagunsa. Na Rasha yana farawa da harafi mai kama da R da ya juya baya.

Kusa da kalmar sau da yawa akwai hoton duniya mai zane-zane, ko harafin A shi kaɗai, ko A tare da wani harafin Sin. Idan siffar kalma da alamar suka haɗu, ka danna ba tare da shakka ba.

Samsung ce, daga Koriya. Yaya ake bi daki-daki?

Bari in ba da misalin wata Hajiya daga Mamobi da ɗanta ya aiko mata da Samsung. An riga an kunna wayar, an sa mata layi, amma komai da Koriyanci yake. Ta ce, "Ɗana, ka goge komai kawai ta dawo daidai." Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, ba sai an goge komai ba. Ku riƙe wayar, ni zan riƙa faɗa muku inda za ku taɓa." Na fi son mai waya ya yi da hannunsa, don in ta sake faruwa ba sai ya hau trotro ya zo ba.

Ta ja daga sama, ta danna mai haƙoran. Muka gangara ƙasa muna neman ɗakin da Samsung ke kira General management. Alamarsa 'yan layuka ne a kwance, kowanne da ɗan ƙulli a kansa, kamar maɓallan daidaita sauti a jikin na'urar lasifikar masallaci. Da Koriyanci sunan gajere ne ƙwarai, 일반, gungu biyu kacal. Da ta shiga, layin farko a sama shi ne 언어, mai zobba biyun nan. A tsofaffin Samsung sai an fara shiga Language and input kafin a ga Language, amma kalmar dai ita ce a farkon layin.

A ciki muka tarar da harshe ɗaya tak, 한국어, wato Koriyanci, a ƙarƙashinsa kuma alamar +. Ta danna +, sai dogon jeri ya buɗe. A nan ne wahala ke ƙarewa, domin a wannan jerin kowane harshe da rubutun kansa ake rubuta sunansa. Turanci English ne da haruffan boko, Faransanci Français ne, ko da sauran wayar duk Koriyanci ce. Hajiya da kanta ta gano English. Wayar ta nemi a zaɓi ƙasa, muka ɗauki United Kingdom, saboda tana jera kwanan wata yadda muka saba a Ghana, rana kafin wata.

Sai wani ƙaramin akwati ya fito da zaɓi biyu a ƙasa, har yanzu da Koriyanci. A nan mutane da yawa ke ɓata. Na hagu yana nufin a bar harshen da ake kai, na dama yana nufin a mai da sabon ya zama na wayar. Ta danna na hagu, wayar ba ta canza ba, ta dube ni. Ba a yi asarar komai ba: English ya riga ya shiga jerin, yana lamba ta 2. Ta taɓa shi, ya hau sama, wani maɓalli ya fito a ƙasan fuskar, ta danna. Wayar ta ɗan yi shiru na daƙiƙu kaɗan, rubutu ya juye Turanci. Duka aikin bai kai minti biyar ba.

Na ƙara English amma wayar ba ta canza ba. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa. Tun daga Android 7.0 da ya fito a 2016, waya tana iya riƙe harsuna da yawa a jere, kuma wanda ke lamba ta 1 shi take bi. Ƙara harshe yana sa shi a ƙarshen layi ne kawai. Sai ka ɗaga shi sama.

A gefen sunan harshen akwai 'yan layuka biyu a kwance, ko kibiyoyi biyu masu kallon sama da ƙasa. Ka ɗora yatsa a kansu, kada ka ɗaga, ka ja English har ya haye kan wancan harshen, sannan ka saki. Wasu sababbin wayoyin za su tambaye ka ka tabbatar, amsar amincewa takan kasance a dama. Idan ka ja bai motsa ba, yawanci kan sunan ka ɗora yatsa maimakon kan layukan.

Shawarata, bayan wayar ta dawo, ka cire tsohon harshen daga jerin gaba ɗaya. Ɗigo uku a kusurwar sama, ko Edit a Samsung, sannan Remove ko Delete. Idan ka bar shi a lamba ta 2, wata manhajar da ba ta dace da zaɓinka na farko ba tana iya komawa gare shi.

Tawa Tecno ce, ko Infinix, itel, Nokia. Hanyar ɗaya ce?

Kusan ɗaya ce, sunan ɗakin ne ya bambanta. A waɗannan ana kiran sa System, yana can ƙasan jerin, kuma a wayoyi da yawa alamarsa ƙaramin harafin i ne cikin da'ira. Da Sinanci 系统 ne, da Japananci システム, da Larabci النظام. A ciki ka nemi Languages & input mai hoton duniya, wanda yakan zo a farko, sannan Languages, sannan +, sannan ka ja English sama. Idan ka danna alamar i ka ga sunan wayar da lambobi barkatai, About phone ka shiga. Babu laifi, ka koma baya ka gwada maƙwabcinsa.

Xiaomi ko Redmi da aka sayo daga Guangzhou fa?

A nan ɗakin sunansa Additional settings, da Sinanci 更多设置, alamarsa ɗigo uku a jere. Ciki akwai 语言与输入法, ka ga akwatin nan mai layuka a harafi na biyu. Ka shiga, ka danna 语言, ka taɓa English. Babu ja sama a yawancinsu, taɓawa ɗaya ta isa.

Amma 'yan kasuwarmu masu zuwa Sin su san wannan tun kafin su biya kuɗi. Wayar da aka yi don kasuwar cikin Sin jerin harsunanta gajere ne ƙwarai: Sinanci iri biyu, English, da kaɗan daga harsunan cikin ƙasar. Babu Faransanci, babu Hausa. Ko ka mai da ita English, kasuwar manhajojinta da wasu manhajojin da ta zo da su za su ci gaba da nuna Sinanci, kuma ba ta zuwa da Play Store a shirye. Wannan ba matsalar saiti ba ce, haka aka gina tsarin wayar. Duk danne-dannen da za ka yi a Settings ba zai ƙaro harshen da ba a saka ba.

Wayar Larabci ce, daga Saudiyya ko Kuwait. Na iya karatun Larabci amma na rikice.

Mu 'yan Zango muna da sa'a a nan, tunda mafi yawanmu mun yi makarantar allo, kuma اللغة ba baƙuwar kalma ba ce. Abin da ke rikita mutane shi ne wayar tana juya komai. Alamomin da ka saba gani a hagu sun koma dama, kibiyar komawa baya da ke saman shafi ta koma kusurwar dama. Duk inda na ce "na dama" a sama, a wayar Larabci ka ɗauka na hagu ne. A Samsung, General management shi ne الإدارة العامة, Settings kuma wani lokaci الضبط ne, a wasu wayoyin الإعدادات. Haka juyawar take idan wayar ta faɗa Farisanci, Urdu ko Ibrananci.

Mene ne bai kamata in taɓa ba?

Wannan ce amsar da na fi so a riƙe. Saitin goge waya yana zaune a ɗaki ɗaya da saitin harshe. A Samsung, Reset yana cikin General management. A Tecno, Nokia da ire-irensu, Reset options yana cikin System. 'Yan layuka kaɗan ne tsakaninsu. Mai danne-danne a makance yana iya zamewa daga wannan zuwa wancan.

Ga siffofin da za ka guje wa: 重置 ko 恢复出厂设置 a Sinanci, 초기화 a Koriyanci, リセット ko 初期化 a Japananci, Сброс a Rashanci, إعادة الضبط ko إعادة تعيين a Larabci.

In ma ba ka riƙe ko ɗaya ba, akwai alamar da ba ta ruɗi. Canza harshe ba ya tambayar lambar sirrin buɗe waya, ba ya neman zanen yatsa. Idan kana cikin neman harshe sai wayar ta nemi lambar sirri, ko ta nuna maka dogon rubutu da adireshin imel ɗinka da jerin manhajojinka da babban maɓalli guda a ƙasa, ka tsaya nan take. Ka koma baya har ka fita, ka sake farawa daga mai haƙoran.

Amma in na goge wayar, ai za ta ba ni zaɓin harshe tun daga farko?

Za ta ba ka, gaskiya ne. Shafin farko bayan gogewa yana da wurin zaɓen harshe. Sai dai kuɗin da za ka biya ya fi ƙarfin abin da ka saya. Hotuna, saƙonni da duk abin da ba a adana a wani wuri ba sun tafi. Na biyu, tun daga Android 5.1 akwai kariyar da ake kira Factory Reset Protection. Idan aka goge waya ta hanyar maɓallan gefe alhali akwai asusun Google a kanta, da ta tashi za ta nemi imel da kalmar sirrin wannan asusun. Idan wayar da aka riga aka yi amfani da ita ce, kuma asusun na wani ne a Seoul ko Osaka da ba ka taɓa gani ba, ka mai da wayar da ke aiki ta zama wadda ba ta wuce shafin farko. Na ga wannan ya faru ga wani saurayi daga Sabon Zango, kuma abin ya dame ni ƙwarai, domin harshen kaɗai ne matsalarsa kafin a ba shi shawarar gogewa.

Akwai wurin bincike a saman Settings. In rubuta "language" a ciki?

Ka gwada, ba ya cutarwa, amma sau da yawa ba ya kawo komai, domin binciken yana bin sunayen da ke cikin harshen da wayar take kai. Dabarar da ta fi aiki ita ce ka sa wani ya kwafi kalmar daga jerin da ke sama, misali 语言 ko 언어, ya turo maka ta WhatsApp. Ka kwafe ta, ka je wurin binciken mai alamar madubin ƙara girma, ka danne yatsa a cikinsa, ka liƙa. Sakamakon farko ko na biyu zai kai ka shafin kai tsaye.

Idan akwai waya ta biyu a kusa, ka buɗe Google Translate a kanta, ka danna alamar kyamara, ka haska fuskar wayar da ta rikice. Fassarar ba ta cika daidai ba, amma ta isa ta raba maka "harshe" da "gogewa". Ka rage hasken wayar da ake haskawa kaɗan idan rubutun yana ƙyalli.

Mu masu gyara, babu gajeriyar hanya ta kwamfuta?

Akwai. Wannan umarnin yana buɗe shafin harshe kai tsaye:

```
adb shell am start -a android.settings.LOCALE_SETTINGS
```

Amma sai an riga an kunna USB debugging a wayar, an kuma amince wa kwamfutar. Idan ba a kunna ba, sai ka nemo Build number ka danna sau 7, ka nemo Developer options, duk cikin rubutun da ba ka iya karantawa. Wanda zai iya wannan ya riga ya iya nemo harshen.

Zan iya sa Hausa maimakon Turanci?

Ya danganta da wayar. Tecno, Infinix da itel da aka yi don kasuwar Afirka sukan zo da Hausa, kuma jerin saitin da kansa yana komawa Hausa. A wasu wayoyin za ka ga Hausa cikin jerin, har da zaɓin Ghana, Najeriya ko Nijar, amma in ka zaɓa sai yawancin rubutun ya zauna a harshe na biyu, domin ba a fassara tsarin ba. Shi ya sa nake cewa a sa Hausa a lamba ta 1, English a lamba ta 2, a cire na Sin ko na Koriya. In ba haka ba, duk inda Hausa ta gaza, wayar za ta cike gurbin da rubutun da ka gudo daga gare shi.

Wayar ta dawo Turanci, amma in zan rubuta saƙo haruffan Koriya ke fitowa.

Kibod yana da nasa saitin daban, canza harshen waya ba lallai ya taɓa shi ba. Idan akwai hoton duniya a layin ƙasa na kibod ɗin, ka danna shi, zai juya zuwa haruffan boko. A Gboard kana iya danne dogon maɓallin tazara har jerin harsuna ya fito. A Samsung ka shiga General management, sannan Samsung Keyboard settings, sannan Languages and types, ka kunna English ka kashe ɗayan. A Gboard akwai Hausa cikin harsunan da ake ƙarawa, kuma da shi za ka sami ɓ, ɗ da ƙ ba tare da wahala ba.

Idan kuma manhaja ɗaya ce tak ta ƙi dawowa, ka duba cikin nata saitin. WhatsApp yana da App language a cikin Settings ɗinsa. Daga Android 13 kuma, wayoyi da yawa suna da App languages kusa da inda ka canza harshen wayar, inda kowace manhajar da ta yarda da tsarin ke da nata zaɓin. Ka buɗe wadda ta ƙi, ka mai da ita System default.